Yadda Ake Ƙiyasta Amfanin Lambun Mangwaro da Hoton Sama da Ƙirgen 'Ya'ya

Duk shekara, da zarar hunturu ya ja baya zafin bazara ya kunno kai, masu sayen mangwaro sukan fara zagaya lambunan da ke kewayen Zariya, daga bakin Galma har zuwa wajajen Shika da hanyar Giwa. Sau da yawa lambun ake saye dungurungum tun 'ya'ya na sama ɗanyu. Mai saye ya ɗaga kai ya dubi bishiya biyu ko uku ya taya, mai lambu ya ce albarka, dillali ya shiga tsakani. Kuɗi masu yawa ake magana a kansu, amma babu wanda ya san kwando nawa ke rataye a sama. Wata shekarar mai lambu ne zai ga ana ta lodi daga garkarsa har ya fara da-na-sani, wata shekarar kuma mai saye ne zai tashi da gaba ɗaya jarinsa ya narke.

Lissafin da ke raba wannan gardama gajere ne: yawan bishiyoyi, sau yawan 'ya'yan da ke kan bishiya ɗaya matsakaiciya. Hoton sama ne zai ba ka lamba ta farko, ƙirgen wasu bishiyoyi kaɗan ya ba ka ta biyu. Wahalar ita ce kowacce daga cikin lambobin nan tana da hanyar da take ruɗin mutum, kuma aikin duka shi ne gano ruɗin a gyara shi. Zan bi misali guda daga farko har ƙarshe: lambu mai kusan hekta 3 a gefen Dakace, tsofaffin bishiyoyin mangwaron gida a gabas, sabon dashe na mangwaron aure a yamma. Lambobin na misali ne domin a ga yadda aikin ke tafiya. Naka lambun zai ba ka nasa.

Samun hoton

Hanya mafi sauƙi ita ce Google Earth Pro a kwamfuta, kuma kyauta ne. Ka nemo lambun, ka zagaye iyakarsa da Add Polygon, nan take zai nuna maka faɗinsa. Kafin ka ƙirga komai ka dubi ƙasan allo inda aka rubuta Imagery Date, domin shi ne ranar da aka ɗauki hoton. Idan ya shekara uku ko huɗu, to bishiyar da aka sare bara tana nan tsaye a cikinsa, wadda aka dasa bayan haka kuma babu ita. Akwai maɓalli mai hoton agogo da ke nuna tsofaffin hotuna. Ka zaɓi na baya-bayan nan da aka ɗauka da rani. A rani ƙasar Zariya ta bushe ta yi ja-ja, ciyawa ta mutu, mangwaro kuwa yana nan da ganyensa kore shar mai duhu, sai ka ga kowace bishiya ta fito kamar ɗigon tawada a allo. Hoton damina ba ya amfani sosai, don komai kore ne, masara ma ta rufe ƙananan dashe.

Wanda ya samu mai jirgi marar matuƙi ya ɗaukar masa hoto, nasa ya fi fitowa nesa ba kusa ba, kuma na yau ne. A ɗauka da tsakar rana lokacin da inuwa ta koma gindin bishiya, domin inuwar safe ko ta yamma takan miƙe ta yi kama da wata bishiyar dabam. A guji ranar da hazon hunturu ya sauko. Sai dai a Zariya ba ko'ina ake tayar da irin wannan jirgi ba. Garin yana da filin jirgin Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama, inda ɗalibai ke shawagi ƙasa-ƙasa, ga kuma barikokin soja. A nemi wanda ke da izini, kuma ya san inda aka hana.

Ƙirga bishiyoyi a hoto

Kada ka ƙirga da ido kawai kana bin allo da yatsa, za ka ɓata a layi na uku. Ka sa wa kowace rumfar bishiya alama da Add Placemark ka ba ta lamba, ko ka buga hoton a babbar takarda ka bi layi-layi kana rubuta lamba da jan biro a kan kowacce. Lambobin nan za su yi maka aiki biyu, don da su za ka zaɓi bishiyoyin da za a ƙirga wa 'ya'ya.

Tun a nan ka raba lambun gida-gida. Tsohuwar bishiya mai rumfar mita 10 da dashen shekara shida ba sa shiga lissafi ɗaya, haka Binta Suga da babban mangwaron aure, don yawan 'ya'yansu da nauyinsu da kuɗinsu duk sun bambanta. A lambun misalinmu hoto ya nuna manya 180 a gabas, ƙanana 80 a yamma, jimla 260. Akwai gwaji mai sauri: inda aka dasa da tazarar mita 10 ta kowane gefe, hekta ɗaya bishiya 100 take ci. Hekta 3 ke nan ba za ta wuce 300 ba, don haka 260 lamba ce mai shiga hankali, tunda akwai gibi da hanya da rijiya. Da ka samu 500, sai ka san ko dai kana ƙirga inuwa, ko tazarar ba haka take ba.

Yanzu sai a sa takalmi a shiga lambu, domin hoto yana yin kuskure iri biyu masu karo da juna. Tsofaffin bishiyoyi biyu da rassansu suka sarƙe sukan fito a matsayin rumfa ɗaya, wannan yana rage lamba. Darbejiya da tsamiya kuma suna da ganye da rani, daga sama sai su saje da mangwaro, wannan yana ƙara lamba. Ba sai ka bi lambun duka ba. Ka zaɓi layi biyu ko uku a kowane ɓangare, ba na bakin hanya kaɗai ba, ka bi su da takardar hoton a hannu kana ƙirga gindi, ba rumfa ba.

A ɓangaren manya mun bi layukan da hoto ya ce akwai 40. A ƙasa, ɗaya darbejiya ce, sannan wurare uku da muka ɗauka bishiya ɗaya ce ashe bibbiyu ne. Arba'in a cire ɗaya a ƙara uku, 42 ke nan. Ka raba 42 da 40, ka samu 1.05. Ka ninka 180 da shi, manya sun zama 189. A ɓangaren ƙanana hoto ya ce 20, ƙasa ta ce 20, don haka 80 ɗin tana nan yadda take.

Wace bishiya za a ƙirga

Nan ne ƙiyasi ke lalacewa fiye da ko'ina, kuma nan nake so mai karatu ya tsaya. Ba ido ne zai zaɓi bishiya ba. Idan ka bar mai lambu ya jagorance ka, ƙafarsa za ta kai ka gindin wadda ta fi lodi, ba don ha'inci ba, ita ce abin alfaharinsa. Idan mai saye ne a gaba, wadda ta yi jefi-jefi zai tsaya a kai. Kai ma da ba ka da ɓangare, za ka karkata ga na kusa da hanya, waɗanda suka fi samun rana da iska, don haka ba sa wakiltar na tsakiya.

Maganin shi ne a zaɓa a kan takarda kafin a shiga. Muna son manya 20 cikin lambobi 180, wato ɗaya a kowace tara. Ka rubuta 1 zuwa 9 a guntayen takardu, ka sa yaro ya zaro ɗaya. Ya zaro 4. To bishiyoyinka su ne 4, 13, 22, 31, haka har zuwa 175. A ƙanana muna son 10 cikin 80, ɗaya a kowace takwas, da tata ƙuri'ar. Ka duba kada tsallen ya yi daidai da yawan bishiyoyin layi: idan kowane layi tara ne, tsallen tara zai riƙa sauke ka a wuri ɗaya na kowane layi, wataƙila duk a gefen rafi. In haka ta faru ka canza tsallen. Idan lamba ta faɗa kan darbejiya ka ɗauki ta gaba. Idan ta faɗa kan bishiyoyi biyu da suka haɗe, ka jefa kwabo.

Za ka isa wata bishiyar ka tarar ba ta yi ko ɗa ɗaya ba. Mangwaro yana da wannan hali, musamman tsoho: ya yi lodi bana, ya huta baɗi. Mai lambu zai ce maka, "Malam, wannan ai ba ta yi ba, mu wuce waccan." Ka ba shi haƙuri, ka ce, "Baba, ai ita ma a cikin 189 ɗin take," ka rubuta mata sifiri. Tunda ka ƙirga ta a hoto, dole ne ta shiga matsakaici da abin da ta haifa, ko da babu.

Lokacin ƙirga da yadda ake yi

Mangwaro a nan yakan yi huda cikin hunturu, 'ya'ya su nuna daga wajen Maris zuwa Mayu, gwargwadon iri. Mafi yawan ƙananan 'ya'yan da suka ɗaura bayan huda zubewa suke yi da kansu a makonnin farko; duk wanda ya taɓa zama gindin mangwaro a lokacin ya ga yadda ƙasa ke cika da su. Wanda ya ƙirga a wannan lokaci abin da ba zai kai kasuwa ba ya ƙirga. Ka jira sai 'ya'yan sun kai girman ƙwan kaza zuwa sama, zubar ta lafa.

Mutum biyu suka fi dacewa, ɗaya na ƙirga ɗaya na rubutu. Ka raba bishiyar huɗu a ranka, gabas, yamma, kudu, arewa, ka sa dutse ko sanda a ƙasa a kan iyakar kowane kashi don kada ka maimaita. Ka ja baya kaɗan yadda za ka ga sama, ka ƙirga daga ƙasa zuwa ƙololuwa, ka faɗi lambar kashin a rubuta kafin ka matsa. Da safe ya fi, rana na bayanka. Kada a sauya mai ƙirga a tsakiyar aiki, don kowa da irin idonsa, gyaran da za mu yi nan gaba kuma na ido ɗaya ne.

Ga abin da manya 20 suka bayar, an jera daga ƙarami: 0, 0, 120, 180, 220, 250, 280, 300, 310, 330, 340, 360, 380, 400, 420, 450, 480, 500, 520, 560. Jimla 6,400, a raba 20, matsakaici 320. Da mun bi maganar Baba mun tsallake guda biyun da ba su yi ba, da mun raba da 18 mun samu kusan 356, ƙiyasin duka ya kumbura da fiye da kashi goma cikin ɗari. Ƙanana 10 kuwa matsakaicinsu 90.

'Ya'yan da ido bai gani ba

Ɗanyen mangwaro kore ne cikin koren ganye, kuma wani yana can ciki ko can sama inda mai tsayuwa a ƙasa ba ya hange. Don haka ƙirgen ido kusan kullum yana gaza abin da ke akwai. Ana auna gibin ne da bishiyoyi kaɗan da za a yi musu ƙirgen tsaf. Ka ɗauki uku daga cikin waɗanda ka riga ka ƙirga, mai yawa da matsakaiciya da mai kaɗan. Ka sa gwanin hawa, cikin masu tsinkar mangwaro, ya bi su reshe-reshe yana ƙirgawa, yana ɗaura tsumma a duk reshen da ya gama. Aiki ne mai cin lokaci, kuma a yi hattara da reshen da gara ta ci.

Mun ɗauki masu 480 da 300 da 220, jimlar ido 1,000. Mai hawa ya sauko da 1,300. Ke nan duk goma da ido ya gani, akwai uku a ɓoye, lambar gyara 1.3. Ƙananan bishiyoyi, da yake ana iya buɗa ganyensu da hannu, gyaransu ya tsaya a 1.1. Kada ka ari lambar wani lambu ko ta wani mutum. Bishiyar da ake yi wa sassabe cikinta a buɗe ba ɗaya take da wadda ta shekara ashirin adda ba ta taɓa ta ba.

Manya ke nan: 320 sau 1.3 ya ba da 416 a kowace bishiya, sau 189, 'ya'ya 78,624. Ƙanana: 90 sau 1.1 ya ba da 99, sau 80, 'ya'ya 7,920. Lambun duka yana ɗauke da wajen 86,500. Wanda ya tsaya gindin bishiyar nan mai 560 ya ninka da 260 da ya gani a hoto, 145,600 zai tafi da ita a ransa.

Daga sama zuwa kwando

Abin da ke rataye yau ba duka zai shiga mota ba. Jemage zai ci rabonsa, ƙudan 'ya'yan itace zai huda wasu su yi tsutsa, yara za su jefo wasu, iskar farkon damina kuma tana iya kakkaɓo mai yawa a dare ɗaya. Hanyar auna wannan ita ce ka zaɓi reshe ɗaya a kowace bishiyar da ka ƙirga, wanda hannu ke kaiwa, ka ɗaura masa jan ƙyalle, ka rubuta 'ya'yan da ke kansa. Bayan sati biyu ka dawo ka sake ƙirgawa, sai ka ga saurin raguwar, ka auna da makonnin da suka rage. A ranar tsinka kuma ka rubuta masu kyau nawa suka fito daga rassan. Wannan lambar ita ce za ta fi yi maka amfani baɗi. A misalinmu mun ɗauka asarar kashi 15 cikin ɗari ce, don haka ana ninkawa da 0.85: manya sun koma 66,830, ƙanana 6,732.

Ciniki da kwando ake yi, saboda haka ka nemo irin kwandon da mai sayen zai yi lodi da shi, ka cika shi yadda suke cikawa, ka juye ka ƙirga, sau uku. Kwando ba mudu ba ne, girmansa ya bambanta daga hannu zuwa hannu, kuma tozon da ake yi masa ma kuɗi ne. A yi wannan da ƙosassun 'ya'ya irin na lambun, ba da waɗanda ba su gama girma ba, in ba haka ba kwandon zai ci da yawa, lissafin kwanduna ya ragu. A ce namu yana cin 150 na mangwaron gida, 75 na aure. Manya sun ba da kwando 445, ƙanana 90. Mai son lissafi da nauyi ya ɗora guda 30 a sikeli ya raba: idan na gida giram 200 ne, na aure 400, to manya kilo 13,366, ƙanana kilo 2,693, jimla wajen tan 16.

Nawa za a yarda da lambar

Bishiya 20 muka ƙirga cikin 189. Da yaron ya zaro 7 maimakon 4, da wasu bishiyoyin muka samu, matsakaicin kuma ya ɗan bambanta. Ana iya auna girman wannan tangal-tangal. Ka zuba lambobi ashirin ɗin a Excel ko Google Sheets daga B2 zuwa B21, ka rubuta:

```
=AVERAGE(B2:B21)
=STDEV(B2:B21)
=2*STDEV(B2:B21)/SQRT(20)
```

Layin farko zai ba ka 320. Na biyu zai ba ka kusan 158, wato yadda bishiyoyin suka warwatsu daga matsakaici. Na uku zai ba ka kusan 71, shi ne abin da za ka ƙara ka kuma rage. Matsakaicin gaskiya na lambun, bisa rinjaye mai ƙarfi, yana tsakanin 249 da 391. Saba'in da ɗaya cikin 320 ya ɗan haura kashi ɗaya cikin biyar, don haka kwandon manya 445 ɗin nan, a faɗe shi daidai, yana tsakanin 350 da 540. Wannan tazara ta zaɓen bishiyoyi ce kaɗai. Kuskuren lambar gyara da na asara suna nan a kanta, kuma ƙara yawan bishiyoyin ƙirge ba ya taɓa su.

Wani zai ga tazarar ta yi faɗi. Ana iya matse ta, amma da tsada: sai ka ninka bishiyoyin sau huɗu kafin ta ragu zuwa rabi, wato 80 maimakon 20. A ra'ayina, ga mai neman sanin farashin da zai tsaya a kai, 20 zuwa 30 a ɓangaren da ya fi amfani sun wadatar, kuma duk ƙarin lokacin da aka samu gara a kashe shi a kan manya, tunda kashi tara cikin goma na 'ya'yan a kansu yake. Abin da ya fi rage tazara da arha shi ne ƙara raba lambu. Idan ka lura manyan da ke gefen fadama duk sun haura 400, na kan tudu kuma ba sa kai 250, to ka koma hoton ka ja layi tsakaninsu, ka ƙirga kowane ɓangare da matsakaicinsa. Bishiyoyin kowane gida sun fi kama da juna, warwatsuwar ta ragu ba tare da ƙarin aiki mai yawa ba.

Akwai alamun da ke nuna an yi kuskure tun kafin tsinka. Idan lambobinka duka sun taru kusa da juna, babu sifiri babu mai kaɗan, a tsohon lambu, to akwai yiwuwar ido ne ya zaɓi bishiyoyin. Idan lambobin yamma sun fi na safe ƙanƙanta a jere, mai ƙirga ne ya gaji, a raba aikin kwana biyu. Idan mai hawa ya sauko da lamba ƙasa da ta ido, to ana maimaita 'ya'ya a kan iyakar kashi huɗun nan, a sake sa duwatsun.

Ranar da aka fara lodi ka sa mutum a bakin lambu da littafi, yana jan layi ga kowane kwando, manya dabam ƙanana dabam, har a gama. Ka kuma roƙi masu tsinka su tara na bishiyoyin nan uku da aka hau a gefe guda a ƙirga su. Idan manya suka fito da 400 alhali ka ce 445, kana cikin tazara. Idan suka fito da 300, ka dubi na bishiyoyi ukun: in sun kai kusan kashi 85 na abin da mai hawa ya ƙirga, to asarar daidai ka sa ta, matsalar a zaɓen bishiyoyi take ko a lambar hoton, in sun gaza sosai, asarar ce ta wuce kashi 15, kuma wannan sabuwar lambar za ka sa a lissafin baɗi. Takardar hoton mai jan biro a adana ta, a soke duk bishiyar da aka sare, a ƙara lamba ga duk wadda ta fara haihuwa.